Yadda ake auna sandar tuta a fitar da farashin da za a sayar: jagora ga masu cinikin hannun jari a Tadawul

'Yan'uwa da dama daga Jidda, Makka da Madina suna ta aiko mini da hoton jadawalin farashi, kuma tambayar kusan iri ɗaya ce: hannun jarin kamfani ya yi tsalle cikin 'yan kwanaki, sai ya tsaya yana ɗan ja da baya, shin wannan ce tutar da ake faɗa, kuma idan ita ce, ina farashin zai kai? Zan amsa da misali guda, daga farkon tashin har zuwa fita daga cinikin. Kamfanin misalin da alƙalumansa ni na tsara su domin lissafin ya fito fili, amma lokutan kasuwa da ƙa'idojinta na gaskiya ne, na Tadawul, wato kasuwar hannun jari ta Saudiyya.

Kayan aikin ba su da yawa: asusun zuba jari, wato mahfaza, a wurin dillalin da hukumar kasuwar hannun jari ta Saudiyya ta ba lasisi, da jadawalin kyandir na kwana-kwana wanda ke nuna yawan ciniki a ƙasansa, sai takarda da biro. Manhajar dillalinka ta isa, haka ma shafin jadawalin farashi na TradingView na kyauta. Ka tsaya a jadawalin kwana-kwana har sai idonka ya saba. A jadawalin minti biyar kowane ɗan motsi kama da tuta yake yi, kuma kuɗin dillali ne zai cinye ribar.

1. Fara da sanda, kada ka fara da tuta

Idan babu sanda babu tuta. Sanda ita ce tashin farashi mai ƙarfi, kusan a miƙe, cikin kwanakin ciniki kaɗan, kuma ciniki ya yi yawa fiye da yadda aka saba. Farashin da ya ɗauki wata biyu yana hawa a hankali ba sanda ba ne, komai kyan siffar da ta biyo bayansa.

A misalinmu, hannun jarin ya yi kusan wata biyu yana kai da komo tsakanin riyal 38 da riyal 40, ana cinikin hannun jari kusan 400,000 a rana. Ran Lahadi sai ya fasa 40.00 ya rufe a 41.20. Litinin 42.60, Talata 43.50, Laraba 45.10, Alhamis ya taɓa 46.00 ya rufe a 45.70. A waɗannan kwanaki biyar cinikin yau da kullum bai gaza miliyan 1.2 ba, wato ninki uku na abin da aka saba. Wannan sanda ce.

Gargaɗi: kafin ka amince da sandar, buɗe shafin sanarwar kamfanin a Tadawul ka ga abin da ya jawo ta. Sakamakon wata uku mai kyau ko sabuwar kwangila dalili ne da za a iya riƙewa. Idan kuwa ƙaramin kamfani ne da ba a cika cinikinsa ba, babu wata sanarwa, sai dai sunansa yana yawo a zaurukan WhatsApp da Telegram, to ka bar shi. Mutane kaɗan masu kuɗi za su iya zana irin wannan sandar da gangan, su sauke kayansu a kan wanda ya zo a makare.

2. Gindin sanda da kanta

A nan ne mafi yawan lissafin da ake aiko mini yake lalacewa, don haka zan daɗe a kai.

Kan sanda ba shi da gardama: shi ne farashi mafi tsada da aka taɓa kafin a fara ja da baya, 46.00. Gindin ne ake saɓani a kansa. Wasu suna zuwa wurin da farashi ya fi faɗuwa a baya, 38.00, su auna daga nan, sai sandar ta zama riyal 8. Ni ina aunawa daga inda tashin mai ƙarfi ya fara da gaske, wato inda farashi ya fasa rufin da ya hana shi wucewa tsawon wata biyu, 40.00. Dalilina shi ne, tafiyar 38 zuwa 40 ba wani sabon abu ba ce, farashin ya sha yin ta yana dawowa. Abin da muke son aunawa shi ne ƙarfin sabbin masu saye da suka shigo, kuma sawunsu yana bayyana ne a ranar da yawan ciniki ya yi tsalle. Idan ka rasa inda za ka sa gindin, duba ginshiƙan ciniki a ƙasan jadawalin, ranar farko da suka yi tsawo na ban mamaki ita ce ranar da sandar ta fara.

Tsawon sanda ke nan: 46.00 a cire 40.00, saura riyal 6. A TradingView akwai ma'auni mai suna Price Range, ka ja shi daga gindi zuwa kai zai ba ka tsawon da riyal da kuma kashi cikin ɗari. Ka rubuta lambar a takarda tun yanzu, kafin tutar ta gama haɗuwa. Wanda ya bari sai ya riga ya saya sannan ya auna, zuciyarsa za ta ja gindin ƙasa domin ribar ta yi girma a ido.

Gargaɗi: ka tabbata jadawalinka an daidaita shi da rabon hannun jarin kyauta da kuma rarraba hannun jari. Aramco, alal misali, ta ba da hannu ɗaya kyauta a kan kowane goma a 2022, ta sake yin haka a 2023. A irin wannan rana farashin yana sauka a lissafi ne kawai, ba wanda ya yi asara, amma jadawalin da ba a gyara ba zai nuna maka faɗuwar da ba ta faru ba. Haka ranar da haƙƙin karɓar rabon riba ya wuce, farashi yakan buɗe ƙasa da kusan adadin ribar da aka raba. Kada ka auna sanda a kan irin wannan giɓin.

3. Zana tutar, ka gwada ta da abu uku

Bayan tsalle irin wannan, waɗanda suka saya da wuri suna fara kwasar riba, waɗanda jirgi ya bari kuma suna jiran ɗan sauƙi su shiga. Wannan ja-in-ja shi ke haifar da tuta: farashi yana ɗan gangarowa ko yana tafiya a kwance tsakanin layuka biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa. Ja layi ɗaya a kan ƙololuwar kyandirorin, wani a ƙarƙashinsu. Kowane layi ya taɓa aƙalla wuri biyu, in ba haka ba kai ne ka ƙirƙire shi. Parallel Channel shi ne abin zanen da ya dace da wannan.

Gwaji na farko zurfi ne. Tuta mai lafiya ba ta cika cin fiye da kashi ɗaya cikin uku na sandar ba, kuma idan ta wuce rabi na daina kiranta tuta. A misalinmu kashi ɗaya cikin uku riyal 2 ne, wato 44.00, rabi kuma 43.00. Farashin ya yi kwana bakwai na ciniki yana gangarowa, mafi ƙarancin da ya taɓa 44.00. Ya tsallake.

Na biyu lokaci ne. Mako ɗaya zuwa uku shi ne gwargwado a jadawalin kwana-kwana, kuma ka tuna makon Tadawul kwana biyar ne, Lahadi zuwa Alhamis. Idan aka shiga mako na huɗu farashi bai motsa ba, zafin da ya haifi sandar ya huce, lissafin tsawonta kuma ya rasa madogara.

Na uku shi ne wanda na fi ba muhimmanci: yawan ciniki dole ya ragu a cikin tutar. A misalinmu ya sauko daga miliyan ɗaya da 'yan kai zuwa 600,000, zuwa 450,000, har a rana ta bakwai ya koma 300,000, ƙasa da yadda aka saba tun kafin tashin. Ma'anar wannan ita ce masu riƙe da kaya da yawa ba su sayarwa, ƙananan masu kwasar riba ne kawai ke fita. Idan ka ga farashi yana gangarowa amma ciniki yana nan da yawansa, ko jajayen kyandirori ne ke ɗauke da dogayen ginshiƙai, to manya ne ke sauke kaya a hankali. Siffar za ta yi kama da tuta, amma abin da ke cikinta daban ne.

4. Idan layukan suna matsowa juna

Wani lokaci maimakon layuka biyu su tafi tare, sai na sama ya riƙa saukowa na ƙasa yana hawowa, su nufi haɗuwa a tsini guda. Wannan ita ce tuta mai tsini, irin mai kusurwa uku. Da misalinmu ya zo a haka, za ka ga ƙololuwa 46.00, sai 45.60, sai 45.30, ƙasa kuma 44.20, 44.50, 44.80. Sanda ɗaya ce, gwaji ukun nan ɗaya ne, lissafin ma ɗaya ne. Abin lura kawai shi ne farashi ya fasa kafin ya kai tsinin. Idan ya yi ta rarrafe har layukan suka haɗu bai fita ba, fashewar da za ta biyo baya ba ta cika ƙarfi ba. Kuma kusurwa ukun da ta ɗauki wata biyu tana haɗuwa wata siffa ce daban, da faɗinta ake auna ta, ba da sanda ba.

5. Jira a rufe kasuwa a saman layin

Layin saman tutarmu ya faro daga 46.00 yana gangarowa, a rana ta takwas ya iso 45.20. Wannan shi ne wurin fashewa. Abin da kake jira shi ne farashi ya rufe a samansa, tare da ciniki mai yawa.

Ana buɗe ciniki ƙarfe 10 na safe, bayan gwanjon buɗewa da ke farawa 9:30, kuma rabin sa'ar farko ta fi kowane lokaci yaudara. Farashi yakan leƙa saman layi da safe, kafin azahar ya dawo ciki ya bar dogon wutsiya a kan kyandir. Farashin rufewa kuwa yana fitowa ne daga gwanjon da ake yi daga ƙarfe 3:00 zuwa 3:10 na rana, sannan akwai minti goma, zuwa 3:20, da ake ciniki a kan wannan farashin na rufewa. Wanda aikinsa ya ba shi damar duba waya a wannan lokacin zai iya ganin rufewar da idonsa ya saya a kanta, idan akwai mai sayarwa. Wanda bai samu ba sai ya jira safiya, amma da oda mai ƙayyadadden farashi, kada ya ce a saya masa a kowane farashi.

A misalinmu an rufe a 45.60, an yi cinikin hannun jari miliyan 1.1. Mun saya a 45.60.

Gargaɗi: saye a cikin tuta kafin ta fashe yana da jan hankali domin ya fi araha. Amma kafin fashewa ba ka da tuta, kana da zaton tuta ne. Halala arba'in ko sittin da za ka ƙara biya bayan fashewa kuɗin tabbaci ne, kuma ya cancanci a biya shi.

6. Ɗora sandar, ka fitar da farashin da kake hari

Ga ƙa'idar:

```
hari = wurin fashewa + tsawon sanda
51.20 = 45.20 + 6.00
```

Tunanin da ke bayanta shi ne tuta takan zo a tsakiyar tafiya, don haka abin da ya rage yakan yi kusan tsawon abin da ya wuce. Wannan kiyasi ne da aka samo daga yawan lura. Babu abin da ya wajabta wa kasuwa ta cika shi, kuma sau da yawa farashi yana tsayawa kafin ya kai.

Shi ya sa nake fitar da lamba ta biyu, mai taka-tsantsan: in ɗora sandar a kan ƙasan tutar. 44.00 a tara da 6.00, ya ba da 50.00. Yanzu ina da yanki, daga 50.00 zuwa 51.20, kuma da ƙaramar lambar nake yanke shawarar ko cinikin ya cancanci shiga.

Dubi abin da zai faru ga wanda ya yi kuskure biyun da aka fi yi. Ya auna sandar daga 38.00 ya samu riyal 8, sannan ya ɗora ta a kan ƙololuwa, 46.00. Harinsa ya zama 54.00. Jadawali ɗaya muke kallo, amma shi zai ga farashi ya kai 51 ya ƙi sayarwa, yana jiran riyal uku da lissafin bai taɓa alkawarta masa ba, har ribar ta narke a hannunsa.

Wasu suna aunawa da kashi cikin ɗari: sandar kashi 15 ce, a ɗora kashi 15 a kan 45.20, a samu kusan 52.00. A tashin farashi wannan hanyar kullum tana ba da lamba mafi girma, don haka na fi son ta riyal.

Bayan ka sami yankinka, ja jadawalin baya shekara ɗaya ko biyu ka duba hagu. Idan akwai wurin da farashi ya taɓa kaiwa ya faɗo da ƙarfi, a ce 48.50, to akwai mutanen da suka saya a can suna jiran kuɗinsu ya dawo su fita. Wannan tsohon rufin ya fi lissafin sanda ƙarfi, shi ne harinka na farko, kuma da shi za ka yi lissafin mataki na gaba. A misalinmu babu irin wannan rufin, sai dai 50 cikakkiyar lamba ce da mutane ke son jera odar sayarwa a kanta, don haka zan sa tawa a 49.80.

7. Wurin tsayar da asara, adadin da za ka saya, da kuɗin dillali

Idan farashi ya koma ƙasa da ƙasan tutar, siffar ta rushe, babu sauran dalilin zama. Ƙasan tutar 44.00 ne, sai in ba shi ɗan fili in sa wurin fita a 43.80. Abin da nake sa wa a haɗari a kowane hannu: 45.60 a cire 43.80, riyal 1.80. Abin da nake nema zuwa 50.00 riyal 4.40 ne, kusan ninki biyu da rabi na haɗarin. Idan bai kai ninki biyu ba, ina barin cinikin ya wuce.

Nan za ka ga illar makara. Wanda ya bari sai farashi ya kai 47.50 sannan ya shiga, wurin fitarsa yana nan a 43.80, haɗarinsa riyal 3.70. Zuwa 50.00 riyal 2.50 kawai zai samu, ko da an kai 51.20 ma 3.70 ne, daidai da abin da zai iya rasawa. Tutar ta yi aiki, amma shi cinikinsa ba shi da kyau.

A ce jarinka riyal 30,000 ne, kuma ka ƙudurta ba za ka rasa fiye da kashi ɗaya cikin ɗari a ciniki guda ba, wato riyal 300. Raba 300 da 1.80, ka sami 166, sai ka sayi 160. Kuɗinsu riyal 7,296. Kamashon da aka saba a Tadawul shi ne kashi 0.155 cikin ɗari na kuɗin ciniki, a saye da kuma a sayarwa, ga harajin kashi 15 a kan kamashon, kodayake dillalai da yawa suna yin rangwame. A wannan cinikin shiga da fita za su ci kusan riyal 27. Idan aka taɓa 43.80, asararka riyal 288 ce da kamasho, ta ɗan haura 310.

Gargaɗi: wurin tsayar da asara ba garanti ba ne. Tambayi dillalinka ko yana da oda mai sharaɗi da yadda take aiki, in babu sai ka sa ƙararrawar farashi a waya. Ko da akwai, kasuwa tana rufe Juma'a da Asabar, tana kuma rufe kwanaki a jere lokacin ƙaramar Sallah da babba, alhali labarin man fetur da na duniya bai tsaya ba. Idan aka buɗe ran Lahadi a 42.00, a nan za ka sayar, asarar ta zama riyal 576. A babbar kasuwa farashi ba ya wuce kashi 10 sama ko ƙasa a rana guda, kuma ranar da ya manne a iyakar ƙasa mai saye yakan yi wuya. A kasuwar Nomu, wadda galibi ƙananan kamfanoni ne ke cikinta, iyakar kashi 30 ce. Saboda haka kada ka shiga tuta ana saura kwana biyu kamfani ya fitar da sakamakonsa, kuma kada ka yi wannan da kuɗin haya, ko na sabunta iƙama, ko bashin dillali.

8. Bayan ka shiga

Ba mamaki farashi ya dawo ya taɓa layin da ya fasa, wajen 45.20 ko ƙasa kaɗan, sannan ya ci gaba. Idan ciniki kaɗan ne a wannan dawowar, ba abin tsoro ba ne. Abin tsoro shi ne ya rufe a cikin tutar da ciniki mai yawa kwana ɗaya ko biyu bayan fashewa. A nan ba na jiran 43.80, ina rage kaya ko in fita gaba ɗaya. Haka kuma tafiya ta biyu ya kamata ta yi kama da ta farko a sauri. Sandar kwana biyar ta ɗauka, idan aka yi mako biyu farashi yana nan a 46, ƙarfin ya ƙare.

Idan abu ya tafi daidai, sayar da 80 a 49.80, ribar riyal 336 ke nan, ka ɗago wurin fitar sauran zuwa 45.60 inda ka saya. Sauran 80 ka sa su a 51.00, ƙasa kaɗan da harin, su kawo riyal 432. Jimla 768, bayan kamasho kusan 740, a kan haɗarin da ya ɗan haura 310.

9. Tutar da ke kallon ƙasa

Wannan siffar tana zuwa a juye, kuma ga yawancinmu da saye kawai muke yi, amfaninta gargaɗi ne. A ce farashi ya fasa 40.00 ya rikito zuwa 34.00 cikin kwana huɗu da ciniki mai yawa, sannan ya yi mako guda yana ɗan hawa zuwa 36.00 da ciniki kaɗan. Mutane da yawa a nan suke ƙara saye, suna cewa ya yi araha kuma ya fara farfaɗowa. Ja layi a ƙarƙashin wannan ɗan hawan. Idan farashi ya rufe ƙasa da shi, a ce a 35.00, cire tsawon sandar: 35.00 a cire 6.00, ya ba da 29.00. Mai riƙe da hannun jarin don ciniki na ɗan lokaci ya fita a wannan rufewar, mai niyyar saye kuma ya dakata har farashi ya kusanci 29 ko ya rufe sama da 36.00 da ciniki mai yawa, wanda shi ne zai nuna siffar ta rushe.